Sitetimen, Tiranskirif da Satifiket: Wacce Ake Nema, Kuma a Ina?

Ɗalibin da ya gama jami'a a Najeriya takardu uku ne ke jiransa, kuma ba rana ɗaya suke fitowa ba. Akwai takardar sakamako da ɗalibai ke kira sitetimen, akwai tiranskirif, sannan akwai satifiket na digiri. Iyaye da yawa sun ɗauka duk abu ɗaya ne, idan yaro ya kawo ɗaya gida sai a yi hamdala a ce an gama. Sai ranar da wata ma'aikata ko wata jami'a ta ce ba wannan take nema ba, a nan ne ake fara zirga-zirga.

Dukkansu daga tushe ɗaya suke fitowa, wato makin da malamai suka bai wa ɗalibi tun daga ajin farko. Bayan jarrabawar ƙarshe, sashen da ɗalibi ya yi karatu zai haɗa sakamakonsa ya miƙa wa tsangaya, tsangaya ta duba ta miƙa wa majalisar malaman jami'a, wadda ake kira Sanet. Muddin Sanet ba ta zauna ta amince ba, ɗalibi bai kammala ba a idon jami'a, ko da ya riga ya kwashe kayansa daga ɗakin kwana. Ranar da ta amince ita ce yawanci ake ɗauka a matsayin ranar kammalawa, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba.

Sitetimen ita ce ke fara fitowa. Takarda ce mai shafi ɗaya a kan tambarin jami'a, da sa hannun Magatakarda ko wani jami'i a madadinsa. Tana ɗauke da sunan ɗalibi, lambarsa ta rajista, digirin da ya samu, darajar da ya fita da ita, da ranar amincewar Sanet. Ana ba da ita ne saboda buga satifiket yana ɗaukar lokaci, wani lokaci shekara, wani lokaci fiye, musamman a jami'ar da ke tara ɗaliban shekaru biyu ko uku ta yaye su a biki ɗaya. To ba za a bar mutum ya zauna hannu rabbana ba, sai a ba shi wannan ya riƙe.

Babban aikinta shi ne hidimar ƙasa. Wanda ya yi karatu a cikin gida, idan jami'arsa ta tura sunansa ga hukumar NYSC a jerin waɗanda Sanet ta amince da su, da sitetimen zai shiga sansani tare da takardar kiransa. Da ita kuma yake fara neman aiki. Amma takarda ce ta wucin gadi. Wasu jami'o'in ma sukan rubuta a ƙasanta cewa amfaninta na shekara ɗaya ne ko biyu, kuma da yawa sukan karɓe ta asali a ranar da mutum ya zo karɓar satifiket. Don haka wanda ya gama shekara takwas da suka wuce, ya je wurin tantance ma'aikata da sitetimen kaɗai, kada ya yi mamaki idan aka ɗaga kai aka dube shi. Mai tantancewa zai yi tunanin ko dai akwai bashin da jami'a ke bin sa, ko kuma takardar ba ta gaskiya ba ce, domin ita ce mafi sauƙin ƙirƙira a cikin ukun.

Satifiket shi ne shaidar dindindin. Ana buga shi a takarda mai kauri, da hatimin jami'a da sa hannun Shugaban Jami'a da na Magatakarda. Bayaninsa gajere ne, bai wuce na sitetimen ba, nauyinsa ne ya fi. Shi ake nema wajen tabbatar da ma'aikaci a aikin gwamnati, wajen tantancewa da ƙarin girma, da wajen neman biza ko aiki a ƙasar waje. Kafin a ba da shi sai ɗalibi ya nuna takardar kilarans, wato shaidar cewa ɗakin karatu da ofishin kuɗi da sashensa ba sa bin sa komai. Abin da ya kamata kowa ya riƙe game da shi: galibin jami'o'i sau ɗaya suke buga shi. Idan gobara ko ambaliya ta ci shi, sai mutum ya kawo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu, jami'a ta ba shi wasiƙar tabbatarwa cewa lallai ya yi karatu a wurinta. Wani sabo dai ba a cika samu ba.

Tiranskirif kuwa wani abu ne daban, kuma shi ne mutane suka fi rashin sani a kansa. Sauran biyun hukunci kawai suke faɗa, shi kuwa yana kawo shari'ar gaba ɗaya. A cikinsa akwai kowane kwas da ɗalibi ya yi rajista, zango bayan zango, da nauyin kwas ɗin, da harafin da ya samu, da matsakaicin maki na kowane zango, da na jimilla wanda ake rubutawa CGPA. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'in Najeriya ke bi, wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A mai maki 5, 60 zuwa 69 B mai maki 4, 50 zuwa 59 C mai maki 3, haka har zuwa F wadda ba ta da komai.

Bari mu ɗauki wata ɗaliba da ta yi kwas huɗu a zango ɗaya. Na farko nauyinsa 3 ta samu A, maki 15 ke nan. Na biyu nauyinsa 3 ta samu C, maki 9. Na uku nauyinsa 2 ta samu B, maki 8. Na huɗu nauyinsa 2 ta faɗi, ba ta da ko ɗaya. Makinta 32, nauyin kwasa-kwasan 10, idan aka raba matsakaicinta 3.20. Shekara ta zagayo ta sake kwas ɗin da ta faɗi, abin da ɗalibai ke kira kari-oba, ta samu B, maki 8. A jami'o'i da yawa ba a goge faɗuwar farko, sai a lissafa kwas ɗin sau biyu: maki 40 a kan nauyi 12, wato 3.33. Da tun farko ta ci B ɗin, da maki 40 a kan nauyi 10 ne, wato 4.00. Satifiket ɗinta ba zai taɓa ambatar wannan F ba, amma tana nan zaune a tiranskirif.

Ga inda abin ke da tasiri. Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, daraja ta biyu mataki na sama daga 3.50 zuwa 4.49, mataki na ƙasa daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku daga 1.50 zuwa 2.39. Ke nan mai 3.48 da mai 2.41 satifiket iri ɗaya za su riƙe, kalma da kalma, alhali ɗaya kaɗan ya rage ya haye sama, ɗayan da ƙyar ya kuɓuta daga daraja ta uku. Kwamitin da ke ɗaukar ɗaliban digiri na biyu yana son ganin wannan tazarar. Yana kuma son ganin ko wanda ke neman zurfafa karatu a fannin ƙididdiga ya taɓa cin kwas na lissafi da kyau. Shi ya sa ake neman tiranskirif wajen digiri na biyu da na uku, wajen tallafin karatu, wajen komawa wata jami'a a tsakiyar karatu, da wajen hukumomin da ke auna digirin ƙasashen waje, irin WES da masu neman zuwa Kanada da Amurka suka sani. Kuma shi kaɗai ne a cikin ukun wanda bai kammala ba zai iya nema.

Wani abin da ke ba mutane haushi shi ne ba a damƙa tiranskirif na hukuma a hannun mai shi. Mutum zai cika takardar nema, ya biya kuɗi (a jami'o'in tarayya ta hanyar Remita), ya rubuta adireshin inda za a kai. Ofishin jarrabawa da adana bayanai zai haɗa shi, a sa hannu, a rufe a ambulan mai hatimi ko a tura ta imel ɗin jami'a kai tsaye zuwa wancan wuri. Akwai kwafin ɗalibi da wasu jami'o'i ke bayarwa, amma na dubawa ne kawai. Ambulan da aka buɗe a hanya kuwa ya tashi daga aiki. A ganina dokar tana da hujja, domin takardar da ta bi ta hannun mai ita ana iya mayar da D ta koma B. Abin da ba shi da hujja shi ne jinkirin. Ga waɗanda suka gama kafin a fara adana sakamako a kwamfuta, sai an shiga ɗakin ajiya an tono fayil, kuma a nan ne ake gano cewa makin wani kwas na aji biyu bai taɓa isowa daga sashe ba. Wanda wa'adin neman gurbinsa ya rage mako biyu sannan ya tuna da tiranskirif, ya makara. A nema da watanni a gaba.

Masu karatu a waje nauyinsu ya fi. Kafin su yi hidimar ƙasa ana neman satifiket na asali da tiranskirif tare, da takardar tantancewa daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. An ƙara tsaurara wannan bayan ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana a ƙarshen 2023 yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a watan Janairun 2024.

Matsalar da ta fi yawa a wurinmu dai ita ce ta suna. Muhammad a sitetimen, Mohammed a takardar JAMB, satifiket kuma ya zo da sunan gari a ƙarshe wanda babu shi a katin ɗan ƙasa. Mai tantancewa a Abuja ko Toronto ba ruwansa da cewa kowa a unguwa ya san mutum ɗaya ne. Lokacin gyara shi ne ranar da aka miƙo sitetimen: a tsaya nan a ofishin a karanta harafi bayan harafi, a duba lambar rajista, sunan digiri, daraja da ranar kammalawa. Ita ranar ma tana da nata tasirin, domin wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala ba ya zuwa sansani, takardar yafe hidima ake ba shi. Idan an ga kuskure a wannan matakin, wasiƙa ɗaya zuwa ga Magatakarda ta hannun shugaban sashe takan wadatar. Idan kuwa aka bari har aka buga satifiket da shi, sai rantsuwa a kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida, kuma mutum zai riƙa haɗa wannan takardar rantsuwa da satifiket ɗinsa a duk inda ya je nema.