Me Ya Sa Tsofaffi Ke Farkawa Tun Kafin Asuba?

Dattijo ya idar da sallar Isha'i, kafin ƙarfe takwas gyangyaɗi ya kwashe shi. Ƙarfe uku na dare kuma idonsa biyu, yana juye-juye har a kira assalatu. Sai ya ce barci ya ƙaurace masa. Amma in aka lissafa, daga takwas zuwa uku awa bakwai ne cif. Barcin nasa bai ragu ba, lokacinsa ne ya matso gaba.

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta kusan 20,000 da ke aikin agogon jiki. Shi ke ba da umarnin sakin sinadarin melatonin, mai sanar da jiki cewa dare ya yi, kamar awa biyu kafin lokacin kwanciya. Idan shekaru suka ja, agogon yakan yi gaggawa, melatonin ya fito da wuri, ya kuma janye da wuri.

Haske ne ke saita wannan agogo, kuma lokacin da ya shiga ido shi ne magana. Hasken sassafe yana ƙara masa gaggawa, hasken farkon dare kuma yana jinkirta shi. A nan ne tsoho ke cutuwa sau biyu. Idonsa ya fara dusashewa, balle in akwai yana, don haka hasken da ke isa ciki kaɗan ne. Ga shi da magariba yana ɗaki mai duhu, ko an ɗauke wuta sai 'yar tocila. Da gari ya waye kuwa shi ne farkon fita hantsi, agogon ya ƙara matsowa.

Gyaran shi ne a ba ido haske mai ƙarfi tsakanin bakwai da tara na dare. Likitocin barci kan yi amfani da fitila ta musamman. A gida, a kunna ƙwai mai haske sosai ko fitilar sola mai kyau, a zauna kusa da ita ana hira, ba tare da ƙura mata ido ba. Jikoki su taya shi fira don kada barci ya sace shi a kan tabarma. A riƙa jinkirta kwanciya da minti 15 zuwa 20 duk bayan 'yan kwanaki. Sai an yi makonni kafin a ga canji, kuma da an daina yakan koma gidan jiya.

Sai dai ba kowace farkawar dare ce ta agogo ba. Idan fitsari ke tashe shi akai-akai, a duba ciwon sukari ko kumburin mafitsara. Idan yana farkawa da ƙuncin zuciya, abinci ma ya fita ransa, to a kai shi asibiti, fitila ba za ta yi maganin wannan ba.