Jaka, kula da fensir: yadda ake zaɓar kyauta ga ɗan nazare

Kayan da yaro yake shiga makarantar nazare da su ba su da yawa: jakar goyo, kular abinci, gorar ruwa, sai ɗan abin rubutu da na kala. Idan watan Satumba ya gabato a Najeriya, ko Oktoba a Nijar, kawu ko gwaggo ko kaka sukan ɗauki nauyin sayen waɗannan kaya a matsayin kyauta, musamman idan yaron ɗan fari ne. Mai sayen kyauta yakan zaɓa da idon babba, ya nemi jaka mai girma da kula mai hawa uku don a ga ya yi abin kirki. Amma wanda zai goya kayan kullum yaro ne ɗan shekara uku ko huɗu, kuma jikinsa da ƙarfin yatsunsa su ne ma'aunin da ya kamata a bi.

Ma'auni na farko shi ne nauyi. Shawarar da likitocin yara da masu gyaran gaɓɓai suka fi bayarwa ita ce kada jaka da duk abin da ke cikinta su wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙaramin yaro. A jadawalin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin nauyin ɗan shekara uku yana kusa da kilo 14. Ke nan abin da irin wannan yaro zai goya bai kamata ya haura kilo 1.4 ba, kuma wannan adadi yana cika da wuri fiye da yadda ake zato.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara uku mai nauyin kilo 14, wadda gwaggonta take son haɗa mata kaya. Idan jakar da babu komai a ciki ta kai giram 300, saura giram 1,100. Ƙaramar kula ta ƙarfe za ta iya kai giram 350, abincin da ke cikinta ya ƙara giram 250. Gora mai nauyin giram 100 da aka zuba mata ruwa mililita 400 ta zama rabin kilo, domin kowace mililita ta ruwa giram ɗaya ce. An riga an kai kilo 1.4, alhali ba a saka wandon canji ko hankici ba. Da gwaggon ta sayi jaka mai taya, wadda ƙarfen hannunta da tayoyinta kaɗai kan kai ta kusa da kilo guda ko fiye, da lissafin ya rushe tun kafin a zuba abinci. Abin da ya fi dacewa a nan shi ne jaka mara nauyi, kula ƙarama, littattafai da fensira kuma su zauna a aji wurin malama, kamar yadda makarantun nazare da yawa suke yi.

Girman jakar kuwa daga bayan yaron ake auna shi. Mai kyauta zai iya roƙon uwar yaro ta auna masa da zare daga gindin wuya zuwa ƙugu, ya tafi kasuwa da zaren a aljihu. Jakar da ta wuce tsawon zaren nan ta yi girma. Ga yawancin yaran nazare, abin yakan tsaya a wajen santimita 28 zuwa 30, faɗinta kuma kada ya zarce faɗin kafaɗun yaro. Tunanin cewa a sayi babba "zai girma ya tarar da ita" yana aiki a kan riga da wando, amma ba ya aiki a kan jaka. Jakar da ta sauko ƙasan ƙugu tana dukan ɗuwawun yaro idan yana tafiya, tana janyo shi baya, shi kuma ya riƙa sunkuyawa gaba don ya daidaita. Alamomin a bayyane suke: yaro yana tafiya a duƙe, hannun jaka yana zamewa daga kafaɗa, ko jan shati a fatar kafaɗa idan an cire riga.

A wurin mai sayarwa, ko a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ne ko a babbar kasuwar Yamai, abubuwa uku ake dubawa da hannu. Hannuwan goyo su zama biyu, masu faɗi, da soso a ciki, waɗanda ake iya ragewa da ƙarawa. Ɗinkin inda hannun ya haɗu da jikin jaka a ja shi da ƙarfi, domin nan ne jaka take fara mutuwa. Sai zik, wanda ya kamata a buɗe a rufe sau da yawa, a tabbata yana da babban mariƙi da yatsun yaro za su iya kamawa. Jakar gwanjo mai ƙwarin ɗinki sau da yawa takan fi sabuwa mai ƙyalli daɗewa, sai dai a wanke ta sosai a shanya a rana kafin a ba da ita. Jaka mai taya ta dace da daɓen siminti. A layin da ke da yashi, kwata da taɓon damina, yaro yakan ƙare da goya ta ko a ɗauka masa. Sunan yaro da lambar wayar iyaye a rubuta su a cikin jaka, kada a ɗinka su a waje inda baƙo zai karanta ya kira shi da sunansa.

Kular abinci ta fi jaka buƙatar tunani, saboda kuskure a nan yana iya kai yaro asibiti. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri a cikin dafaffen abinci idan zafinsa yana tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Selshiyos, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci fiye da awa biyu a zafin ɗaki. A lokacin bazara, da zafin Sakkwato ko Maraɗi yake haura digiri 40, lokacin ya fi haka gajarta. Abincin da aka zuba ƙarfe bakwai na safe, za a ci shi a tashin tara ko ƙarfe goma, ya riga ya kai iyakar nan ko ya wuce ta. Shinkafa tana da nata haɗarin na musamman: akwai wata ƙwayar cuta da take jure dahuwa, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta saki guba mai sa amai, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar.

Saboda haka irin abincin da gidan yake ba yaro shi zai nuna irin mazubin da za a saya, kuma ya kamata mai kyauta ya tambayi uwar yaro tun kafin ya fita. Idan shinkafa da wake ne, ko taliya, ko alale, to kula ake buƙata mai bango biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda akan rubuta 304 ko 18/8 a gindinsa. Gwajinta ba wuya: a zuba tafasasshen ruwa a rufe, bayan minti biyar a taɓa jikinta. Idan wajen ya ɗauki zafi, kular tana zubar da zafi kuma ba za ta riƙe abinci ba. Wannan ruwan zafin ma shi ne dabarar kullum, domin kular da aka ɗumama da shi na 'yan mintoci kafin a zuba abinci ta fi riƙe zafi. Idan kuwa burodi ne, cincin, biskit ko ayaba, ƙaramar roba mai murfi ta wadatar. A juya gindinta a duba lambar da ke cikin alamar kusurwa uku: lamba 5, wadda akan rubuta PP a ƙarƙashinta, ta fi jure zafi, masu lamba 3 da 6 da 7 kuwa gara a bar su. Robar da ke warin sinadari tun tana sabuwa ba ta dace da abinci ba ko da wane hoto aka manna mata.

Akwai gwajin da ake yawan mantawa da shi, wato ko yaron zai iya buɗe kular da kansa. Anti ɗaya a aji mai yara da yawa ba za ta buɗe wa kowa a lokaci guda ba, kuma murfin da ake murɗawa yakan ƙara ɗaurewa idan abinci mai zafi ya ɗan huce a ciki. Yaro mai kunya yakan dawo gida da abincinsa bai taɓa ba, a ɗauka ƙin ci ya yi. Shi ya sa ya fi kyau a kai kyautar mako ɗaya ko biyu kafin a koma makaranta, yaro ya riƙa cin abincin rana daga cikin kular a gida har hannunsa ya saba. Kula mai faɗin baki ta fi sauƙin ci da cokali, ta kuma fi sauƙin wanki. Zoben robar da ke cikin murfi a tabbata ana iya cire shi, domin a ƙarƙashinsa ne miya take maƙalewa ta yi baƙin fumfuna.

Gorar ruwa ba ta buƙatar dogon bayani. Mililita 350 zuwa 400 sun isa rabin yini idan makarantar tana da ruwan ƙari mai tsabta. A cika ta a kifa a girgiza don a ga ko tana yoyo. Mai tsinken zuƙa tana da daɗin sha, amma cikin tsinken yana tara datti sai da siririn buroshi. Ruwa zalla ya kamata a riƙa zubawa, domin kunun aya da fura da nono suna tsami cikin 'yan awoyi a zafi.

Kayan rubutu su ne inda ake ɓarnar kuɗi. Ɗan shekara uku bai ƙware da riƙon siririn fensir ba tukuna, don haka fensir mai kauri da manyan kala na kakin zuma sun fi masa amfani fiye da akwatin kala 24. Tunda yara suna tauna su, a nemi masu alamar CE tare da EN 71, wato ƙa'idar Turai ta lafiyar kayan wasan yara, ko da yake ana buga alamun bogi, don haka shagon da aka yarda da shi ya fi alamar muhimmanci. Reza da abin fiƙe fensir ba sa shiga jakar ɗan nazare. A fiƙe masa a gida. Haka nan ƙananan magogi masu siffar alewa ko 'ya'yan itace da ƙamshi, da murfin biro, da 'yan ƙwalliyar da ke rataye a zik, duk suna iya shaƙe yaro ko su shige hanci. Yawancin makarantu masu zaman kansu suna ba da takardar jerin kayan da suke so, wasu ma suna sayar da littattafai da jaka mai tambarinsu a cikin kuɗin rajista. Idan haka ne, kuɗin mai kyauta ya fi amfani a kan kula mai inganci, gora, da ƙarin wando da safa da za a naɗe a leda a ajiye a ƙasan jaka saboda fitsari.