Man dizal bai ɓace ba, Excel ne bai karanta kwanan wata ba

A ɗauki misalin wani ƙaramin asibiti mai janareto da tankin dizal. Ma'ajin asibitin yana auna man da ya rage a tanki yana rubutawa. Ranar 15/01/2024 akwai lita 900, ranar 22/01/2024 lita 830, ranar 29/01/2024 lita 760. Daga nan sai ya tafi hutu, ba a sake awo ba sai 25/03/2024, inda aka tarar da lita 200, sannan 01/04/2024 lita 130. Ya zuba waɗannan alƙaluma biyar a Excel, ya fitar da zanen layi domin taron shugabanni.

Abin da ya fito a allo na iya ja wa mai gadi sallama daga aiki. Layin ya taho yana gangarowa sannu a hankali, sai kwatsam tsakanin ɗigo na uku da na huɗu ya rufta ƙasa kamar an fasa tankin, sannan ya koma tafiyarsa ta da. Duk wanda ya kalla zai ce an yi sata. Alhali kuwa lissafin kai kaɗai ya isa ya wanke kowa: daga 29 ga Janairu zuwa 25 ga Maris kwana 56 ne, man da aka ƙona lita 560 ne, wato lita 10 a rana, daidai da sauran makonnin. Da an zana shi yadda ya kamata, miƙaƙƙen layi ɗaya za a gani. Kuskuren yana layin ƙasa na zanen, inda aka jera kwanakin: an ba tazarar mako takwas fili daidai da na mako ɗaya.

Tushen matsalar yana cikin yadda Excel ke ajiye kwanan wata. A wurinsa kwanan wata lamba ce da ake ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1900, wadda ita ce lamba 1. Ranar 1 ga Janairu 2024 ita ce 45292, saboda haka 15 ga Janairu 45306 ce, 29 ga Janairu 45320, 25 ga Maris kuma 45376. Abin da ido ke gani a gidan jadawali riga ce kawai da aka sanya wa lambar. Da waɗannan lambobi Excel ke auna nisan da ke tsakanin ɗigo da ɗigo. Idan kuwa abin da ke cikin gidan rubutu ne zalla, to Excel na ɗaukarsa kamar sunayen garuruwa, Kano, Zariya, Katsina, ya jera su bi da bi yadda ya same su, kowanne da fili iri ɗaya. Ba ya auna tazara, ba ya kuma gyara jerin idan an sa Maris gaban Janairu.

To me ke mayar da kwanan wata rubutu? A Najeriya da Nijar ana fara rubuta rana, sai wata, sai shekara. A Amurka wata ake farawa da shi. Kwamfutoci da yawa suna zuwa hannun masu su da saitin Amurka, ba a kuma canza ba. Idan aka buga 25/03/2024 a irin wannan kwamfuta, Excel zai nemi wata na 25, ya rasa, sai ya ajiye abin a matsayin rubutu ba tare da ya ce uffan ba. Haka ma kan faru idan an kwafo alƙaluma daga bayanin asusun banki ko daga fayil ɗin CSV, ko aka raba lambobin da ɗigo kamar 25.03.2024, ko wani fili da ido ba ya gani ya maƙale a gaban rubutun ko bayansa.

Gane cutar ba wuya. Idan ba a taɓa saitin jeri ba, lambobi da kwanaki na gaskiya suna jingina da gefen dama na gida, rubutu kuma da gefen hagu. Wanda ke son tabbaci sai ya buga wannan a gidan da ke kusa, ya ja shi ƙasa:

```
=ISNUMBER(A2)
```

Inda ya ga TRUE, Excel ya karɓi abin a matsayin lamba. Inda ya ga FALSE, rubutu ne. Wata hanyar ita ce a zaɓi duk layin kwanakin a mayar da tsarinsa General: kwanan gaskiya zai tuɓe rigarsa ya koma lamba irin 45306, na bogi kuwa zai zauna yadda yake.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci. Sukan zaɓi gidajen, su canza tsarinsu zuwa Date, su koma kan zane su ga babu abin da ya motsa. Canza tsari riga kawai yake canzawa, ba ya mayar da rubutu lamba. Wasu kuma sukan tafi kai tsaye kan zanen su tilasta masa Date axis, sai su ga layin ƙasa ya cika da kwanakin Janairun 1900. Dalili shi ne, da Excel ya rasa lambobi, sai ya ƙirga ɗigogin da kansa, 1, 2, 3, ya sanya musu rigar kwanan wata. Ganin 1900 a ƙasan zane shaida ce cewa gyaran yana cikin jadawali tukuna.

Gyaran da ya fi sauƙi yana ƙarƙashin Data, a wani maɓalli mai suna Text to Columns. Bayan an ajiye kwafin fayil ɗin a gefe, sai a zaɓi layin kwanakin shi kaɗai, a danna maɓallin. A mataki na farko a bar Delimited, a wuce na biyu ba tare da an ƙara wata alamar rabewa ba, a na uku kuma a zaɓi Date, a ɗauki DMY daga jerin da ke gefensa, a danna Finish. Abin lura shi ne, DMY bayani ne ga Excel kan yadda aka rubuta kwanakin tun asali, wato rana, wata, shekara. Ba zaɓin yadda za su fito ba ne. Nan take kwanakin za su koma gefen dama. Wanda ya fi son lissafi, ko yake son barin asalin layin yadda yake, zai iya gina kwanan daga gutsattsarinsa a sabon layi:

```
=DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2))
```

Wannan na ɗaukar lambobi huɗu na ƙarshe a matsayin shekara, biyu na tsakiya wata, biyu na farko rana. Yana aiki ne kawai idan abin rubutu ne, kuma kowace rana da wata na da lambobi biyu, kamar 05 maimakon 5.

Sai dai a jadawalin ma'ajin akwai tarkon da ya fi wannan haɗari, shi ne awo na biyar. Kwanaki huɗu na farko sun zama rubutu domin 15, 22, 29 da 25 duk sun haura 12. Amma 01/04/2024 ya shige lafiya lau, ya jingina dama, ya ba da TRUE, saboda kwamfuta mai saitin Amurka ta karanta shi a matsayin 4 ga Janairu. Lambarsa 45295 ce, alhali ta 1 ga Afrilu 45383 ce. Idan aka gyara huɗun aka bar shi haka, zanen zai ɗauke lita 130 ya kai ta farkon layi, gabanin lita 900, sai a ga kamar an cika tanki a makon biyu na Janairu. Don haka duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba sai an duba ta da kyau, kafin gyara da bayansa. Hanya mafi sauƙi ita ce a danna Ctrl+1, a shiga Custom, a sa tsarin dd-mmm-yyyy, wanda ke fito da sunan wata da haruffa, yadda ba za a rikita Jan da Apr ba. Wanda aka samu ya juye, sai a sake buga shi, ko a musanya masa rana da wata:

```
=DATE(YEAR(A6),DAY(A6),MONTH(A6))
```

Idan layukan ɗaruruwa ne kuma daga CSV suka fito, ya fi aminci a koma asalin fayil ɗin a shigo da shi ta Data, From Text/CSV, Transform Data, a danna dama a kan layin kwanaki, a bi Change Type zuwa Using Locale, a zaɓi Date da English (United Kingdom), tunda Birtaniya ma da rana take farawa.

Bayan jadawali ya gyaru ne ake komawa kan zane. A danna dama a kan kwanakin da ke ƙasa, a zaɓi Format Axis. Ƙarƙashin Axis Type akwai zaɓi uku: Automatically select based on data, Text axis, da Date axis. Sau da yawa na farkon kan gane da kansa, amma gara a zaɓi Date axis kai tsaye. A sashen Units, a bar Base a kan Days, a sa Major ya zama kwana 7 ko 14 domin kada rubutun ƙasa ya cunkushe. Idan aka sa Base a kan Months, awon Janairu ukun nan za su hau kan juna a wuri guda. Idan kuma sabon layi aka gina da lissafi, sai a shiga Select Data a nuna wa zanen sabon layin, in ba haka ba tsohon rubutun zai ci gaba da karantawa.

Date axis ma yana da iyakarsa. Mafi ƙanƙantar ma'auninsa kwana ɗaya ne, ba ya ganin awa ko minti. Mai auna tanki safe da yamma zai ga ɗigo biyu sun tsaya ɗaya a saman ɗaya a kowace rana, kuma maganin wannan shi ne a canza zanen zuwa Scatter, wanda ke ɗaukar layin ƙasa a matsayin lambobi zalla har da gutsuren yini. Haka nan a zanen ginshiƙai, Date axis kan bar gurbi ga kowace ranar da ba a yi awo ba, sai ginshiƙan su sirance. Shago ko ofishin da ba ya aiki Asabar da Lahadi zai iya zaɓar Text axis da gangan, muddin mai zanen ya san tazarar da ke allo ba ta lokaci ba ce.

A zanen ma'aji, bayan gyara, ɗigo uku na Janairu za su matsu a hagu, sai fili mai faɗin mako takwas, sai ɗigo biyu a dama, layi kuma ya miƙe daga 900 zuwa 130 cikin kwana 77. Domin kada a maimaita aikin a wata mai zuwa, sai ya shiga Control Panel, Region, ya canza Format zuwa tsarin da ke farawa da rana. Wannan zai daidaita kwanakin da zai buga nan gaba, amma waɗanda ke cikin tsofaffin fayiloli za su zauna yadda suka shiga har sai ya bi su da gyara.