Littattafan Kimiyya ga Matashin da Lissafi Ke Kora

A gidaje da yawa akwai yaro ko yarinya mai shekara sha huɗu ko sha biyar da zai yini yana ba ka labarin yadda hawainiya ke sauya launi, da dare kuma ya tambaye ka dalilin da ya sa Zara ta fi sauran taurari haske, amma da an ambaci lissafi sai ya ɗaure fuska. Iyayen da ke son taimaka masa sukan nemi littafin kimiyya da ya fi suna, sau da yawa kuma sai su faɗa kan A Brief History of Time na Stephen Hawking, wanda ya fito a 1988. Shawarata ita ce kada a fara da shi.

Dalilin da ake kai wa gare shi a fili yake. An gargaɗi Hawking cewa duk wata alamar lissafi da ya saka za ta rage masu sayen littafin da rabi, don haka bai bar ko ɗaya ba sai E = mc². To amma rashin lambobi a shafi daban, sauƙin fahimta daban. Tunanin da ke cikin littafin na lissafi ne tsantsa, an dai tuɓe masa riga ne kawai, kuma manya da yawa sun saya sun kasa kai shi ƙarshe. Matashin da ya riga ya ɗauka kansa ba ya ja, idan ya maƙale a babi na uku, sai ya ƙara gaskata zargin da yake yi wa kansa. Abin da ya kamata a nema masa shi ne littafin da ke nuna mutum yana kallon wani abu da idonsa, yana mamaki, sannan ya bi sawu har ya gano amsa.

A fannin dabbobi, In the Shadow of Man na Jane Goodall (1971) shi ne na farko a wurina. Goodall ta isa dajin Gombe, a bakin tafkin Tanganyika, a 1960, tana da shekara 26, ba ta da digiri. Ta yi watanni birai masu ganga suna gudunta, ba abin da take yi sai zama a kan tudu da madubin hangen nesa da littafin rubutu. Wata rana ta ga wani namiji da ta raɗa wa suna David Greybeard yana zura tsinken ciyawa a ramin gara, ya zaro ya lashe garar da ta maƙale. Daga baya ta ga suna zage ganye daga reshe don su gyara shi ya shiga ramin. A lokacin, masana da dama sun ɗauka ɗan Adam ne kaɗai ke ƙera kayan aiki. Mai karatu yana ganin yadda haƙuri da rubuta abin da aka gani suka rushe wannan zato. Akwai wurare masu ɗaci a littafin, musamman annobar shan-inna da ta afka wa biran a 1966, don haka yaro ƙarami gara a ba shi My Life with the Chimpanzees, wanda ta rubuta don matasa. Irin waɗannan birai kuwa ba sai an je Tanzaniya ba, akwai danginsu a gandun dajin Gashaka Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa.

A fannin sararin samaniya kuma sai Cosmos na Carl Sagan, na 1980. Babinsa na farko ma kaɗai ya isa dalilin saye, saboda labarin Eratosthenes, masanin da ya zauna a Iskandariya ta Masar shekara kusan 2,200 da suka wuce. Ya samu labarin cewa a garin Syene, wato Aswan ta yau, da tsakar ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, sanda ba ta yin inuwa, kuma hasken rana na sauka har ƙasan rijiya. A Iskandariya kuwa, a daidai wannan lokaci, sanda tana yin inuwa. Da a ce ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ga rana can nesa, da inuwar ba ta bambanta ba. Ya auna karkatar inuwar, ya ga ta kai kusan kashi ɗaya cikin hamsin na cikakkiyar da'ira. Tsakanin garuruwan biyu akwai kimanin kilomita 800. Ke nan idan aka ninka 800 sau 50, za a samu kewayen duniya baki ɗaya, kilomita 40,000, wanda ya yi kusa ƙwarai da abin da aka auna a zamaninmu.

Lissafi ne wannan, babu shakka, amma yaron da ya bi labarin zai yi shi ba tare da ya ankara ba, domin sai da ya ƙagu ya san amsar kafin lambobin su iso. Kuma yana iya gwada rabin aikin a tsakar gida. Ƙasar Hausa tana cikin yankin da rana ke tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara. A Kano hakan na faruwa jim kaɗan bayan 20 ga Afrilu, sannan ya maimaita wajen 20 ga Agusta. Ya kafa sanda a miƙe, ya riƙa dubawa gab da azahar, zai ga inuwar tana ƙanƙancewa kullum har ta shige ƙarƙashin sandar.

Cosmos yana da rauninsa, wato shekaru. Lokacin da aka rubuta shi ba a tabbatar da ko duniya ɗaya da ke kewaya wani tauraro irin rana ba. Sai a 1995 aka gano ta farko, yau kuma an san dubbai. Hanya mafi sauƙi ta gane tsohon littafin falaki a wurin masu sayar da gwanjon littattafai ita ce a duba Pluto: idan an lissafa ta cikin duniyoyi tara, bayanin na kafin 2006 ne. Wannan ba ya hana saye, sai dai a haɗa masa da sabo, kamar Astrophysics for Young People in a Hurry na Neil deGrasse Tyson (2019), wanda gajere ne kuma cike da hotuna.

Duk waɗannan da Turanci suke, kuma sau da yawa Turancin ne ke kayar da yaro, a ɗora wa kimiyya laifi. Kafin a biya kuɗi, a buɗe tsakiyar littafin, a sa shi ya karanta shafi biyu, sannan ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa. In ya iya, a saya. In ya yi shiru, a nemi mai sauƙi. Da Hausa ma an taɓa yin irin wannan aiki: Ikon Allah, na Rupert East da Abubakar Imam, yana bayanin halittu iri-iri, kuma duk da ya tsufa, wanda ya same shi a ɗakin karatu ya yi dace. Iyaye su kuma sani cewa littattafan Sagan da Tyson suna maganar asalin duniya da na halittu ta mahangar masana kimiyya, don haka ya fi kyau babba ya karanta tare da yaro, su tattauna.

Kada dai a ruɗe shi da cewa zai zama masanin taurari ko na dabbobi ba tare da lissafi ba. Jami'a za ta nemi lissafi, kuma ko Goodall sai da ta je Cambridge ta yi digirin digirgir, ta koyi tsara bayananta yadda masana za su karɓa. Wanda kuɗinsa bai wuce na littafi ɗaya ba, ya fara da na Goodall. Hawking ya jira sai yaron ya nema da kansa.