Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka tsayar wa sabuwar hajarka matsayi a kasuwa

Sabuwar haja takan mutu a kan kanta ba don ba ta da kyau ba, sai don mai saye ya kalle ta ya rasa inda zai ajiye ta a ransa. Maganin wannan shi ne abin da masana kasuwanci ke kira jimlar matsayi: magana ɗaya da ke faɗin wa aka yi wa hajar, wace iri ce, wane amfani za ta yi masa, da hujjar da za ta sa ya yarda. Al Ries da Jack Trout ne suka yayata wannan tunani a littafinsu na 1981, inda suka nuna cewa ainihin fagen gasar kasuwa yana cikin kan mai saye. Ba don talla ake rubuta jimlar ba. Ta cikin gida ce, da ita ake yanke farashi, girman ƙunshi, inda za a kai kaya da abin da za a faɗa a rediyo.

Bari mu bi misali guda har ƙarshe. A ce wata baiwar Allah a Kano ta haɗa garin kunun gyaɗa wanda ruwan zafi kawai ake zuba masa, tana so ta shigar da shi kasuwa.

Wa aka yi wa hajar?

Idan aka tambaye ta, amsar da za ta fara zuwa bakinta ita ce: "Ai kowa na shan kunu." Gaskiya ne, amma ba kowa ne zai sayi na leda ba. Uwar gidan da ke wuni a gida, ga injin markaɗe a bakin layi, ga yaran aike, ba ta da matsalar da garin zai warware mata. Wadda ke da matsalar ita ce malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da za ta shirya yara uku ta fita kafin ƙarfe bakwai. Tana son kunun, lokacin gyaran gyaɗa da markaɗe da tacewa ne ba ta da shi.

Shi ya sa ba a bayyana mai saye da shekaru ko unguwa kaɗai, da halin da yake ciki ake bayyana shi. "Mata masu shekara 25 zuwa 45" ba ya gaya maka komai. "Uwa ma'aikaciya mai sammakon fita" kuwa ya gaya maka lokacin da take buƙatar kayan, da shagon da take tsayawa a hanyar dawowa. Zaɓen rukuni guda ba ya hana ɗalibi ko gwauro saye. Yana dai tsayar da wanda za ka yi wa magana.

A wane sahu za a jera ta?

Wannan ne sashen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ke yanke wanda za a gwada ka da shi. Idan matar nan ta kira garinta "kunun gargajiya", mai saye zai gwada shi da na mai kunun unguwa, wanda yake da arha kuma da zafinsa, nan take an kayar da ita a farashi. Idan ta ce "abincin jarirai", ta shiga layin manyan kamfanoni da tsauraran ƙa'idojin hukuma. Idan kuwa ta ce "karin kumallo na gaggawa", ta zauna kusa da shayi da kwastad da taliyar yara, inda aka saba biyan kuɗin sauƙi, kuma a nan tana da abin da su ba su da shi: ɗanɗanon gida.

Madarar Cowbell ta nuna ƙarfin wannan zaɓi. Da ta shigo Najeriya a 1993, madarar gari a gwangwani aka saba ganinta, sai mai hali. Kamfanin ya zuba tasa a ƙananan ledoji, ta koma abin da ake saye kullum wurin mai tireda, kamar sukari da ganyen shayi. Madara dai madara ce, sahun ne ya sauya, masu saye kuma suka sauya tare da shi.

Amfani guda, ba jerin yabo ba

Mai kaya ya san kyawawan halayen kayansa goma, kuma yana so ya faɗe su duka: daɗi, tsafta, gina jiki, arha, sauri. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Amfanin da za a zaɓa sai ya cika sharaɗi biyu: mai saye ya damu da shi, abokan gasa kuma ba za su iya faɗarsa da gaskiya ba. Daɗi kowa na iƙirarinsa. Sauri kaɗai shayi ya riga mai garin. Amma kunun gyaɗa irin na gida a cikin minti biyar, wannan nata ne.

A kula da bambancin siffar kaya da amfaninsa. "An soya gyaɗar an niƙa ta da laushi" siffa ce. "Yaranki za su sha abin da zai riƙe su ba tare da kin makara ba" shi ne amfani.

Hujjar da ta dace da alkawari

Hujja ita ce abin da mai saye zai iya gani ko gwadawa da kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kawo hujjar da ba ta taɓa alkawarin ba. Lambar NAFDAC wajibi ce, tana nuna an yi wa kaya rajista, amma ba ta tabbatar da minti biyar. Abin da zai tabbatar da shi shi ne a tsaya a bakin shago da fulas ɗin ruwan zafi da kofi, a dama a gaban mace tana kallon agogon wayarta, ta kurɓa. Hujjar "irin na gida" kuma ita ce jerin kayan haɗi a bayan leda: gyaɗa, shinkafa, tsamiya. Idan sai an ɗora a wuta kafin ya yi kauri, to a gyara garin ko a sauya alkawarin.

Haɗa jimlar da gwada ta

Ga yadda jimlar mai garin za ta tsaya: "Ga uwa ma'aikaciya mai sammakon fita, wannan gari karin kumallo ne na gaggawa da ke ba ta kunun gyaɗa irin na gida cikin minti biyar, domin ruwan zafi kawai yake buƙata, kuma gyaɗa da shinkafa da tsamiya ne kaɗai a cikinsa."

Daga nan sauran shawarwari suna fitowa da kansu. Ƙunshi ya zama na kofi ɗaya ko biyu, ba na mudu ba. Kaya ya je shagunan unguwa da na kusa da makarantu. Lokacin azumi zai ja hankalin mai garin ta ce na buɗa-baki ne, amma wannan wani mai saye ne da wata buƙata, sai a rubuta masa tasa jimlar daban.

Gwajin farko yana da sauƙi: cire sunan kayanka ka sa na abokin gasa. Idan jimlar ta zauna daram, ba ka faɗi komai ba tukuna. Na biyu, ba mutum goma daga cikin waɗanda ka nufa su gwada, bayan kwana biyu ka tambaye su yadda za su kwatanta kayan ga maƙwabta. Idan kowa ya faɗi nasa daban, saƙon bai shiga ba. Kasuwa ma tana nuna inda ciwon yake. Mai shago ya rasa kantar da zai ɗora kayan, matsalar sahu ce. Ana ɗauka a juya a ajiye, hujja ce ta gaza. An saya sau ɗaya ba a dawo ba, kayan bai cika alkawari ba.

Don haka kafin ka buga leda ko ka biya kuɗin talla, zauna ka rubuta jimlar nan. Idan wani sashe daga cikin huɗun ya gagare ka cikewa, hajarka ba ta shirya fita kasuwa ba.