Rahoton Ci Gaban Aiki: Abin da Aka Gama, Abin da Ake Tsoro, da Abin da Ke Gaba

Rahoton ci gaban aiki takarda ce gajeriya da mai kula da aiki yake rubuta wa shugaban aikin a lokaci ƙayyadadde, galibi duk mako ko duk wata. Shugaban ba kullum yake wurin ba, kuma sau da yawa ayyuka uku ko huɗu ne a wuyansa. Abin da yake nema a takardar shi ne ya san inda aka kwana, da inda ake jiran ya yanke hukunci. Dalilin raba rahoton gida uku ke nan. Aikin da aka kammala tabbatarwa yake bukata, haɗari shawara yake bukata, matakan gaba kuwa alkawari ne da za a tambayi mutum a kansa mako mai zuwa. In aka cakuɗa su a sakin layi ɗaya, labari mai daɗi yakan danne marar daɗi.

A ɗauki misalin ginin azuzuwa uku a wata makarantar firamare ta ƙauye a jihar Kano, an rubuta rahoton ranar 10 ga Mayu.

Kashin farko na abin da aka gama ne, kuma sai abin da aka gama ɗin kaɗai. “Ana ci gaba da aikin bulo” ba ya cikin wannan kashi, domin jimlar za ta iya zama gaskiya mako shida a jere ba tare da an ɗora bulo ko ɗaya ba. Rubutun da ke da amfani shi ne: an ɗora bulo 1,800 daga cikin 2,400, bangon aji biyu ya kai linta, an zuba kankaren lintar ranar Talata, injiniya ya duba ya sa hannu. A haɗa da hoto mai kwanan wata, gani ya kori ji. Sannan a ajiye abin da aka yi alkawari a rahoton baya kusa da abin da aka samu. Idan an ce za a kai azuzuwa uku linta amma biyu suka kai, a faɗi haka, da dalili a jimla ɗaya.

Lissafin kashi cikin ɗari yana da tarko. Bulo 1,800 cikin 2,400 kashi 75 ne na aikin bulo, ba na ginin gaba ɗaya ba, tunda rufi da fulasta da daɓe da ƙofofi suna nan ba a taɓa su ba. Haka kuma kuɗin da aka kashe ba ma'aunin aiki ba ne: siminti buhu ɗari a sito kuɗi ne ya fita, amma bango bai tashi ba. Duk wanda ya daɗe a harkar kwangila ya san aikin da ke zama a “saura kaɗan” wata uku. Maganin wannan shi ne a yanka aiki ƙanana, kowane yanki ko dai an gama ko ba a gama ba, babu rabi.

Kashi na biyu shi ne zuciyar rahoton, kuma shi aka fi ɓatawa. Da farko dole a bambanta haɗari da matsala. Matsala ta riga ta faru: tifar yashi ba ta zo ba, magina sun yi zaman kwana biyu. Haɗari bai faru ba tukuna, yana iya faruwa, saboda haka da sauran damar tare shi. Mai rahoton da ke jira sai abu ya lalace kafin ya ambace shi ya mayar da shugabansa mai karɓar gaisuwar jaje kawai.

A wannan gini, haɗarin da hadarin abu ɗaya ne: damina na iya sauka ba a yi rufi ba. A yankin Kano ruwa yakan fara daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma ruwan farko yakan zo da iska mai ƙarfi. Rubuta “akwai yiwuwar ruwa ya kawo cikas” bai ƙara wa shugaba komai ba, shi ma yana ganin sama. Abin da bai sani ba shi ne lissafin kwanakin. A ce sakin kuɗin kashi na biyu yana cin kwana 3 bayan sa hannu, mai sayar da kwano da katako yana bukatar kwana 10 kafin ya kawo kaya, kafinta kuma kwana 7. Jimla kwana 20. In an sa hannu yau, rufi zai kammala ranar 30 ga Mayu. In an yi jinkirin mako ɗaya, sai 6 ga Yuni. Daga nan sai a faɗi abin da zai biyo baya: katako ya jiƙe ya karkace, fulastar ciki ta tsaya, hanyar ƙauyen ta yi taɓo har mota mai kaya ta kasa shiga. A ƙarshe a kawo mafita, a kuma ambaci wanda hukuncin ke hannunsa: ko dai a saki kuɗin cikin wannan mako, ko a ba da izinin sayen kwano daga kuɗin ko-ta-kwana.

Haɗari uku ko huɗu sun isa, a jera su daga wanda ya fi yiwuwa kuma ya fi ɓarna. Jerin guda ashirin ɓuya ce a cikin taro. Ofisoshi da dama suna sa launi irin na fitilar kan hanya, kore ga aikin da ke tafiya daidai, ruwan ɗorawa ga mai tangal-tangal, ja ga wanda ke neman agaji. Masu wannan sana'a suna da sunan zolaya ga rahoton da ke ɓoye gaskiya, wato kankana: waje kore, ciki ja. Ana gane shi idan aiki ya tsallaka daga kore zuwa ja a mako ɗaya, ko ranar kammalawa ba ta motsi alhali alkawuran mako-mako suna ta faɗuwa. Laifin ba na mai rubutu kaɗai ba ne. Shugaban da ke yi wa mai kawo mummunan labari faɗa, kankana zai riƙa samu.

Kashi na uku ba ya son dogon bayani. Kowane mataki ya zo da suna da rana: shugaban magina zai kai aji na uku linta ranar 14, ma'aji zai miƙa takardar biyan kuɗi ranar 11, kafinta zai auna rufi ranar 12. “Za a duba” da “za a yi ƙoƙari” ba su da mai su, don haka ba wanda za a tambaya. Kowane babban haɗari da aka ambata a sama ya kamata a ga matakinsa a nan. In babu, an faɗe shi ne kawai don wanke kai. Waɗannan matakai su ne za su buɗe rahoton 17 ga Mayu, a ga wanda ya cika da wanda bai cika ba.

Duka wannan shafi ɗaya ya ishe shi. Bukatar sa hannun shugaba kan kuɗin kwano kuwa, a saman shafin take zama, ƙarƙashin kwanan wata, domin sau da yawa a waya ake karanta rahoton, tsakanin taro da taro.