Idan Wayar Dattijo Ta Fara Magana Ita Kaɗai

Akwai wata "cuta" da kan sa dattawa garzayawa wajen masu gyaran waya a Obasanjo Complex da ke Minna: waya ta kama surutu da Turanci, wani koren akwati ya zagaye duk abin da aka taɓa, WhatsApp kuma ya ƙi buɗewa. Lafiyarta ƙalau. TalkBack ne ya kunnu, manhajar Android da ke karanta wa makafi abin da ke fuskar waya.

Yana kunnuwa sai dokar taɓawa ta canza. Taɓawa ɗaya zaɓi ce kawai, sai an buga sau biyu da sauri abu zai buɗe, kuma da yatsu biyu ake jan shafi. A wayoyi da yawa, danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa 3 yana kashe shi, kuma ta nan ne yakan kunnu cikin aljihu. In hakan bai yi ba, sai a bi Settings, Accessibility, TalkBack, ana bugawa bibbiyu.

Ga wanda ya rasa gani, TalkBack ɗan jagora ne. Amma ɗan fanshon da ke Bosso, wanda idonsa ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe kamar na akasarin waɗanda suka haura 40, ba shi yake bukata ba. Ga kuma matsalar lafazi: muryar Turanci in ta ci karo da saƙon Hausa, kwaɓa shi take yi har mai saƙon ma ba zai gane ba.

Abin da zai amfane shi ƙara girman rubutu ne, kuma a nan jikoki kan yi rabin aiki. Sukan shiga Settings na WhatsApp, Chats, Font size, su zaɓi Large. Saƙonni sun girma, amma sunayen mutane suna nan ƙanana, sai Baba ya tura wa ƙungiyar masallaci abin da ya nufi 'yarsa da shi. Gyaran na cikin Settings na wayar kanta, inda Font size ke ƙara girman baƙaƙe ko'ina, Display size kuma ya ƙara har maɓallai. Kada dai a kai ƙarshe, don dogayen sunaye za su guntule. High contrast text yana ƙara wa rubutu kaifi, abin da ke taimakawa cikin ranar Minna.

Mai rawar hannu kuwa, alamar makirfo ta Gboard tana mayar da magana rubutu, kuma a shekarar 2024 Google ya sanar da shigar da Hausa. Sai an sa Hausa cikin Languages tukuna, kuma daban take da makirfon WhatsApp mai tura murya. Cikin hayaniyar Kasuwar Kure takan ji ba daidai ba, don haka a duba sunaye da adadin kuɗi kafin a tura.